Gazal: me ya sa baitocinta ba sa bin juna, kuma mene ne yake riƙe da su?

Mai kallon finafinan Indiya ko mai bibiyar waƙoƙin Urdu a waya zai yi wuya bai taɓa cin karo da kalmar gazal ba. Da yawa sun ɗauka duk waƙar da aka rera a hankali cikin murya mai ban tausayi ita ce gazal. Ruɗanin yana ƙaruwa ne idan mutum ya samu fassarar waƙar gaba ɗayanta, sai ya ga baitin farko yana kukan soyayya, na biye da shi yana yi wa Allah tambaya kan halitta, can gaba wani yana maganar almajiri mai bara, na ƙarshe kuma barkwanci ne, sai mutum ya ce ko dai mai fassarar ne ya haɗa waƙoƙi daban daban wuri guda? Ba haka ba ne. Haka ake gina ta tun asali, kuma akwai dokoki masu tsauri a ƙarƙashin wannan abin da yake kama da watsewa.

## Daga ina ta fito

A Larabci gazal jigo ce, wato waƙar bege da zancen mata. Tsohuwar ƙasidar Larabawa takan buɗe da 'yan baitocin tuna masoyiya da kufan gidansu kafin mawaƙi ya shiga yabo ko fahari. A zamanin Banu Umayya mawaƙa irin su Umar ɗan Abi Rabi'a da Jamilu mai begen Busaina suka mayar da wannan ɓangaren waƙa mai cin gashin kanta. To amma a lokacin abin da ake cewa gazal yana nufin abin da waƙar take magana a kai ne, ba siffarta ba.

Farisawa ne suka mayar da ita siffa mai ƙa'ida. Zuwa ƙarni na 13, zamanin Sa'adi na Shiraz da Jalaluddin Rumi (1207 zuwa 1273), an riga an san gazal da gajarta, da yadda ake buɗe ta, da sa sunan mawaƙi a ƙarshe. Hafiz, shi ma ɗan Shiraz, wanda ya rasu wajen 1390, shi ake ɗauka ya kai ta ƙololuwa. Daga Farisanci ta shiga Turkanci da Urdu, kuma a Urdun ne ta samu manya irin su Mir Taƙi Mir (ya rasu 1810) da Mirza Galib (1797 zuwa 1869). Tsarin da za a yi bayani a nan na Farisanci da Urdu ne, don shi ake nufi yau idan an ce siffar gazal.

## Kayan ginin

Ɗan Hausa da ya san rubutacciyar waƙa ba baƙo ba ne a nan. Gazal ƙwar biyu ce, kowane baiti ɗango biyu. Su suna ce wa baitin sher, ɗangon kuma misra. Yawanci baiti biyar ne zuwa goma sha wani abu, kuma duka ɗangayen suna kan kari ɗaya na aruli, wanda suke kira bahar, ba a sauya shi daga farko har ƙarshe.

Sai abubuwa biyu da suke zaune a ƙarshen ɗango, kuma nan ne mutane suka fi rikicewa. Na farko radif, kalma ce ko 'yan kalmomi da ake maimaitawa yadda suke, ba a taɓa ko wasali ɗaya. Na biyu ƙafiya, wato amsa-amo, kuma ita tana zuwa ne daf kafin radif ɗin, ba a ƙarshen layi ba. Kalmar ƙafiya tana sauyawa kowane baiti, sautinta ne kawai yake dawowa. Radif ba amshi ba ne irin wanda 'yan amshi suke karɓa bayan mawaƙi ya dire, yana cikin jimlar baitin ne, dole nahawun jimlar ya buƙace shi, in an cire shi maganar ta guntule.

Ga wasu baitoci uku da aka shirya da Hausa don nuna tsarin kawai, ba a ɗora su kan ma'aunin aruli ba:

Baƙi sun watse, fitila ta mutu, dare ya rage
Rigar haƙuri ta ƙare a jikina, zare ya rage

Gidan da sarakuna ke layin gaisuwa jiya
Yau leƙa zauren, babu bafade, kare ya rage

Kogin hawaye ya kawo har bakin gari
Wa zai gaya wa mai madatsa ya tare ya rage

Radif a nan shi ne "ya rage". Ƙafiya kuma dare, zare, kare, tare. Baitin farko shi kaɗai ne ɗangayensa biyu duka suke ɗauke da ƙafiya da radif, shi ake kira matla. Daga nan ɗangon farko na kowane baiti sakakke ne, ya ƙare da duk abin da ya ga dama, na biyun ne yake komawa gida.

Matla kamar yarjejeniya ce da mai sauraro. Tunda an buɗe da dare da zare, to an ɗaure kai da sautin "are" kenan, fure ko aure ba za su shiga ba. Da a ce da dare da fure aka buɗe, to "re" kawai aka yi alkawari, ƙofa ta faɗaɗa, aure da ƙyaure da kare duk su shigo. Shi ya sa ƙwararru suke daɗewa kan matla, duk abin da ka ƙulla a can shi zai bi ka har ƙarshe. Kuma da wannan ake gane kuskure cikin sauƙi: wanda ya ce "doki ya rage" ya riƙe radif ya karya ƙafiya, wanda ya ce "kare ya saura" ya riƙe ƙafiya ya karya radif, ko da ma'anar ɗaya ce.

Baitin ƙarshe idan yana ɗauke da laƙabin mawaƙi ana ce masa maƙta, laƙabin kuma takallus. Galib ba sunan yanka ba ne, sunansa Asadullah, kuma a farkon rayuwarsa da Asad yake rufe waƙa. Marubuta waƙoƙin Hausa ma sukan ambaci sunansu a ƙarshe, saidai bambancin shi ne a gazal mawaƙin yakan yi wa kansa magana kamar wani ne daban, ya yi wa kansa faɗa ko ya yi wa kansa dariya ko ya yabi kansa ba kunya.

Radif ba wajibi ba ne, akwai gazal marar radif kuma tana da sunanta, gair muraddaf. Ƙafiya da kari su ne ba a yafewa. Idan aka haɗa ukun, kari da ƙafiya da radif, ana kiransu zamin, wato filin da waƙar ta tsaya a kai. Mawaƙa da yawa za su iya noma fili ɗaya, kuma ba a ɗaukar hakan sata.

## Wata gazal ta Galib, baiti bayan baiti

A ɗauki wadda da yawa suka ji ko da ba su san ta waye ba, tunda Suraiya da Talat Mahmud sun rera ta a fim ɗin Mirza Galib na 1954. Matlarta ita ce:

Dile nadan tujhe huwa kya hai
Akhir is dard ki dawa kya hai

Ma'ana, ke zuciya marar wayo me ya same ki, wai shin maganin wannan ciwon mene ne. Radif shi ne "kya hai", wato mene ne. Ƙafiya dogon wasalin "a" ne: huwa, dawa, sannan majra, mudda'a, khuda, ada, surma-sa, hawa, wafa, sada, du'a, bura. Karin gajere ne, wanda masu aruli suke kira hafif, wajen gaɓa goma a ɗango, kuma baitocin goma sha ɗaya ne.

Baiti na biyu yana cewa mu muna ɗoki su kuma sun gundura da mu, ya Ubangiji wannan wane irin lamari ne. Na uku, ni ma fa akwai harshe a bakina, ina ma ka tambaye ni buƙatata mece ce. Zuwa nan mutum zai iya cewa ai labari ɗaya ne, masoyi ne da aka yi wa ko oho. Sai kawai na huɗu ya juya: tunda babu wani samamme in ba Kai ba, to wannan hayaniyar duka ya Allah mece ce? Baitoci uku da suka biyo baya suka ci gaba da wannan tambayar, su waye waɗannan masu kyan fuskar, me ya sa gashi yake lanƙwasa, kallon ido mai kwalli mene ne, tsirrai da furanni daga ina suka fito, gajimare wane abu ne, iska mece ce. Waɗannan huɗun a haɗe ake karanta su, kuma idan baitoci suka haɗu haka a tsakiyar gazal ana kiransu ƙita, a bugaggun littattafai har alama ake sa musu, saboda haɗuwar ita ce baƙon abu, ba rabuwar ba.

Daga nan aka sake watsewa. Na takwas: muna sa ran cika alkawari daga waɗanda ba su ma san mene ne cika alkawari ba. Na tara: ka yi alheri ka ga alheri, in ba wannan ba kiran almajiri mene ne. Na goma: raina nake ba ka fansa, ni ban san wata addu'a ba. Sai maƙta: na yarda Galib ba komai ba ne, amma in ka same shi kyauta, aibun mene ne?

Yanzu a duba abin da "kya hai" ya yi a wannan tafiyar. A matla tambaya ce ta mai ciwo, kuma ana iya jin ta iri biyu, ko neman magani da gaske ko kuma cewa ai babu maganin. A ƙita tambaya ce ta mai tunani kan samuwa, irin ta sufaye. A na takwas ba tambaya ba ce ma sam, ta shige cikin wata jimla ta zama zargi. A na tara tana nufin babu wani abu bayan wannan. A maƙta kuma ta zama irin "to meye a ciki" ta mai talla da yake son a karɓi hajarsa ko a banza. Kalmomi biyu ne ba su motsa ba, amma kowane baiti ya juya su wata fuskar. Irin wannan ne ƙaramin misalin Hausa na sama ya gwada, inda "ya rage" take nufin saura a baitoci biyun farko, a na uku kuma ta koma a rage yawan abu.

Wannan shi ne babban aikin radif. Mai kyau yana sa wa waƙar yanayi ɗaya, a nan yanayin mutumin da komai ya zame masa abin tambaya, daga zuciyarsa har gajimare, ba tare da ya tilasta wa baitocin su ba da labari ɗaya ba. Rarrauna kuma ana gane shi idan ya zama jela, wato jimla ta riga ta cika kafin a iso gare shi, an liƙa shi ne kawai don doka ta ce.

## Ma'anar tana cikin baiti

Masana Urdu na gargajiya ba su cika tambayar ko baiti na uku ya dace da na huɗu ba. Abin da suke bincika shi ne ko ɗango na farko ya kama na biyu, suna kiran wannan rabt, wato ɗauri. Baitin da ɗangayensa biyu kowanne ya kama gabansa aibi ne mai suna, do-lakht, ma'ana ya rabe biyu. Kenan haɗin kan da mai karatu yake nema a waƙar gaba ɗaya, su a cikin layi biyu suke nemansa, kuma da tsanani.

Hanyoyin ɗaurin sanannu ne. Wani lokaci ɗangon farko ya yi da'awa na biyu ya kawo hujja ko misali. Wani lokaci na farko tambaya na biyu amsa. Wanda aka fi so shi ne na farko ya bar magana a rataye yadda ba za ka iya hasashen inda aka dosa ba, sai kalmar ƙafiya ta zo ta warware. A baitin nan na takwas, ɗangon farko cewa kawai ya yi muna sa ran cika alkawari daga gare su, magana ce ta kowa da kowa, sai na biyu ya bayyana su waye su ɗin, kuma kalmar wafa, wato cika alkawari, da aka ji a layin farko ita ce ta dawo ta zauna a kujerar ƙafiya. Duk nauyin baitin yana kan wannan dawowar.

To ta yaya layi biyu suke ɗaukar ma'ana mai yawa haka? Saboda mawaƙi da mai sauraro sun riga sun san mutanen da ke cikin duniyar gazal. Akwai masoyi da ba ya samun biyan buƙata, da abin so mai taurin zuciya, da abokin hamayya, da mai wa'azi da ake zolaya, da mai shayarwa a majalisa, akwai tsuntsun bulbul da fure, kyandir da ƙwaron da yake faɗawa cikin wutarsa, keji da maharbi, Majnun mai begen Laila da jeji. Mawaƙi yana ambaton keji, ba sai ya yi bayani ba, an san akwai tsuntsun da aka raba da lambu. Abin kamar gidan haya ne, kowane ɗaki da mai shi da harkarsa, amma tsakar gida ɗaya ce kuma kowa ya san kowa. Da wannan ne ma Faiz Ahmad Faiz (1911 zuwa 1984) ya riƙa maganar kurkuku da mulkin danniya a Pakistan da kalmomin soyayya, masu sauraro kuma suna gane inda ya nufa.

## Me ya sa aka gina ta haka

Babban dalili shi ne gazal ta kunne ce kafin ta zama ta takarda. A zaman mawaƙa da ake kira musha'ira, akan ba da ɗango ɗaya tun kafin ranar, kowa ya je ya gina tasa a kan wannan zamin ɗin. A wurin, mawaƙi yakan karanta ɗangon farko, ya maimaita, jama'a su karɓa su maimaita tare da shi, shi kuma yana jan rai. Kowa ya san radif, kowa ya san sautin ƙafiya, don haka kowa yana lissafi a ransa wace kalma ce za ta zo. Idan ya saki na biyun, sau da yawa jama'a ne suke ƙarasa radif ɗin da bakinsu, a yi ta wah wah, in baitin ya yi daɗi a ce mukarrar, wato a sake. Ana yanke wa kowane baiti hukunci nan take kafin a je na gaba. A irin wannan zaman baitin da sai an tuna na baya kafin a gane shi ya riga ya faɗi.

Yadda ake rubutawar ma yana kai wa ga haka. Mawaƙi yakan tara kalmomin ƙafiya tukuna, kowace kalma ta ja nata tunanin, galibi ma ɗango na biyu ake fara samu sannan a nemo na farkon da zai share masa hanya. Idan kalmominka su ne dawa da khuda da hawa da bura, to magani da Allah da iska da aibi za ka yi magana a kai, ba yadda za a yi su zama labari ɗaya sai da ƙarfin tsiya.

Littattafan su ma shaida ne. Diwani, wato kundin mawaƙi, ba a jera shi bisa jigo ko shekara, ana jerawa ne bisa harafin ƙarshe na radif, daga alif zuwa ya, kuma waƙoƙin ba su da take. Galib da kansa ya tace nasa diwanin na Urdu wanda aka fara bugawa a 1841, ya zubar da baitoci masu yawa, har wasu gazal ɗin baiti ɗaya ko biyu kawai ya bari. A rubuce-rubucen hannu na Hafiz kuma jerin baitocin waƙa ɗaya yakan bambanta daga kwafi zuwa kwafi.

## Inda masana suka rabu

Ɓangare na farko suna ganin wannan rabuwar nakasa ce. A 1771 Baturen Ingila William Jones ya fassara wata shahararriyar gazal ta Hafiz, wadda take farawa da ba da Samarƙand da Bukhara kyauta saboda tawadar Allah da ke fuskar abin so, sai ya siffanta baitocin da lu'ulu'un da aka shirya a zare barkatai. Hafiz ya yi maganar huda lu'ulu'u a baitinsa na ƙarshe, amma barkatai ɗin ƙarin Jones ne, kuma maganar ta bi gazal a Turai shekara da shekaru. A cikin gida ma akwai masu suka. Altaf Husain Hali, wanda almajirin Galib ne, a muƙaddimar da ya fitar a 1893 ya koka da yadda ƙunci na ƙafiya da radif yake sa mawaƙi ya bi kalma maimakon ya bi tunani. Kalimuddin Ahmad na Patna ya fi shi zafi, shi cewa ya yi gazal nau'in waƙa ne da bai gama wayewa ba, tunda ba ta iya riƙe tunani ɗaya ta kai shi ƙarshe.

Ɓangare na biyu suka ce a'a, akwai haɗin kai, ba a iya karantawa ba ne. A. J. Arberry a 1946 ya koma kan waccan waƙar ta Hafiz ya nuna cewa 'yan jigogi ne ƙalilan ake juyawa ana komawa kansu, Michael Hillmann kuma ya yi littafi guda kan haɗin kan gazal ɗin Hafiz a 1976. Hujjarsu tana da ƙarfi a Farisanci, don da yawa daga waƙoƙin Sa'adi da Rumi zance ɗaya suke bi daga farko zuwa ƙarshe, kuma a Urdu ma akwai irin wannan, ana ce mata musalsal. Rauninta shi ne mai neman zare idan ya dage zai same shi ko babu, musamman tunda duk baitocin daga rumbun hotuna ɗaya suke ɗiba.

Ɓangare na uku, irin su Shamsur Rahman Faruƙi (1935 zuwa 2020) da Frances Pritchett, suka ce tambayar ce ma ba ta zauna daidai ba, an auna gazal da mudun waƙar Turai. A wurinsu baiti shi ne waƙar, gazal kuma mazubi ce, kuma tsofaffin masana da suka rubuta tarihin mawaƙa baiti baiti suke zaɓowa suna yabawa. Wannan ya fi dacewa da gazal ɗin Urdu ta zamanin Mir da Galib. Saidai shi ma bai share komai ba, wanda ya saurari "kya hai" sau goma sha biyu a jere ya san akwai abin da ya taru a kunnensa wanda baiti ɗaya ba zai ba shi ba, kuma barkwancin maƙtar yana ƙara armashi ne saboda nauyin abin da ya gabace shi.

## Abin da wannan yake nufi ga mai sauraro da mai rubutu

Mai sauraro ya sani cewa abin da yake ji a bakin mawaƙa irin su Mehdi Hassan ko Begum Akhtar ko Jagjit Singh yawanci zaɓi ne, baiti huɗu ko biyar daga cikin waƙar, wani lokaci ma an sauya jerin, kuma wannan ba cin amanar marubucin ba ne. Matla ce dai take zama a farko don ita take kafa sauti, maƙta kuma in an kawo ta a ƙarshe. Haka wanda ya ciro baiti ɗaya ya aika wa wani bai yanke komai ba, sai fa in daga cikin ƙita ya ciro, nan kam an raba shi da 'yan uwansa, kamar a ɗauko tambayar gajimare da iska a bar baitin da ya ce babu kowa sai Allah, sai ta koma kamar tambayar darasin kimiyya.

Sanin tsarin yana kuma taimakawa wajen gane jabu. Akwai layuka birjik da ake yaɗawa da sunan Galib alhali ba nasa ba ne, an dai liƙa sunan ne a ciki. Da yawansu ba sa hawa kari, ɗango ɗaya ya fi ɗaya tsawo ƙarara, kuma ba za a same su cikin wata gazal mai matla da sauran 'yan uwa a diwaninsa ba.

Mai fassara zuwa Hausa shi ne yake da babban aiki. Radif yakan yiwu, "mene ne" zai iya zama a ƙarshen kowane baiti, duk da cewa jinsi zai sa wani wurin ya koma "mece ce" kuma da zarar ya koma radif ya karye. Ƙafiya kuwa kusan kullum ita ake asara. Sai matsalar ka da ki. Farisanci ba ya bambanta namiji da mace a wakilin suna, Urdu kuma a al'adar gazal da sigar namiji ko ta jam'i ake ambaton abin so, shi ya sa baiti ɗaya zai iya zama kan mace, ko kan shehi, ko kan sarki, ko kan Ubangiji, kuma da gangan ake barinsa a buɗe. Bahaushe yana cewa "ki" ya rufe sauran ƙofofin, yana cewa "Ka" da babban baƙi ya rufe ta farkon. Inda asalin ya yi amfani da jam'i, "su" ɗinmu ta sakaya da girmamawa tana yin aikin daidai, kamar a baitin cika alkawarin nan.

Wanda kuma yake son gwada rubuta gazal da Hausa, abin da zai fara lissafawa shi ne kalmomin ƙafiyar da filinsa zai ba shi kafin ya ɗaure kansa a matla. Hausa tana da sauƙi ta wani gefen tunda kusan duk kalmominta da wasali suke ƙarewa, amma sauƙin tarko ne, ƙafiyar da ba ta wuce "a" ko "i" ba kunnen Bahaushe ba zai ji ta sosai ba idan radif ya biyo bayanta ya danne ta, gara a ɗaure gaɓa guda cikakkiya ko fiye. Radif kuma a zaɓi wanda zai iya juyawa, irin "ya rage" ko "ba ta zo ba" ko "sai gobe", kar a zaɓi dogo mai ma'ana ɗaya tak, don idan ya cinye rabin ɗango kuma fuska ɗaya gare shi, zuwa baiti na huɗu mai sauraro ya riga ya san duk abin da za a ce.